Abincin Mai Juna Biyu

Idan kuka shiga kasuwar Kafanchan, za ku ga wake, gyaɗa, alayyafo da zogale. Waɗannan suna ɗauke da sinadarai biyu da mai juna biyu take bukata ƙwarai: folet da sinadarin ƙarfe, wato ayon.

Folet yana taimakawa wajen ginin ƙwaƙwalwa da lakar jariri. Wannan gini yana farawa ne cikin kwanaki 28 na farko, tun kafin mace ta tabbatar tana da ciki. Saboda haka ya fi kyau ta fara shan ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun tana shirin ɗaukar ciki.

Shi kuwa ayon, da shi jiki yake yin jini. Idan ya yi ƙaranci, za ku ga tafin hannunta ya yi fari, ga jiri da yawan gajiya. A wajen awon ciki akan ba ta maganin ƙarin jini. Yakan mayar da bayan gida baƙi, amma wannan ba abin tsoro ba ne.

Ku lura da abin sha kuma. A ce ta ci faten acca da wake da alayyafo. In ta bi shi da shayi, jikinta zai kasa tsotse ayon sosai. In lemun zaƙi ta sha, zai tsotsa da yawa. Ta rage kofi da goro da hanta, ta tafasa nono kafin ta sha. Burukutu kuwa, ko kurɓi ɗaya kada ta yi.