Saura Mako Biyu: Yadda Ɗalibi Zai Tsara Bitar Darasin Igiyoyi

Da zarar an manna jadawalin jarrabawa a allon sanarwa, akasarin ɗaliban Fiziks sukan ɗauko littafinsu su raba shafuka bisa yawan kwanakin da suka rage. Shafi 140, kwana 14, to kullum shafi goma ke nan. Wannan rabo zai iya yin aiki a darasin da ake haddacewa, amma a darasin igiyoyi, wato nazarin yadda sauti da haske da motsin ruwa ke tafiya daga wuri zuwa wuri, yaudara ce. Malami ba zai tambaye ka abin da ka karanta ba. Zai ba ka tsawon tsirkiya da nauyinta da ƙarfin da aka ɗaure ta, ya ce ka fitar masa da sautin da za ta yi. Don haka ma'aunin kowace rana a jadawalinka shi ne tambayoyi nawa ka warware littafi yana rufe, ba shafi nawa idonka ya bi ba.

Ranar farko ba ta karatu ba ce. Ka nemi takardar jarrabawar shekarun baya ta wannan kwas, ka zauna da ita tsawon lokacin da aka rubuta a kanta, ba tare da duba komai ba. Makin da za ka samu ba zai yi daɗi ba, kuma ba shi ake nema ba. Abin da ake nema shi ne inda ka maƙale. Wata tambayar ba ka ma gane me ake so ba, wata ka gane amma ka manta dokar lissafinta, wata kuma ka yi komai daidai sai amsa ta fito a karkace. Waɗannan cututtuka uku ne, kowacce da maganinta. Ta farko tana buƙatar komawa ga bayani, ta biyu maimaici, ta uku kuma kula da ma'auni da na'urar lissafi. Ka ware ƙaramin littafi da za ka riƙa rubuta kowane kuskure a ciki, tare da dalilinsa. Kafin a kai kwana na goma, wannan ɗan littafin zai fi duk wani abin da ke cikin jakarka amfani.

Awa uku a rana sun isa, domin ba wannan kwas ne kaɗai a gabanka ba. A raba su biyu. Zaman safe, bayan sallar asuba ko duk lokacin da kai ya fi sanyi, na sabon babi ne. Zaman yamma kuwa ya fara da minti talatin na tambayoyi daga babin jiya da na shekaranjiya, sannan a ci gaba da na yau. Dalilin komawa baya sananne ne tun 1885, lokacin da Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaici da aka rarraba a kan kwanaki ya fi wanda aka dunƙule wuri guda daɗewa a ka.

Ba a tsara babukan igiyoyi yadda aka ga dama, domin kowanne yana zaune ne a kan na baya. Kwana na biyu da na uku na motsin kai-da-komo ne, irin na lilo ko na nauyin da aka rataya a jikin sifirin. Ɗalibai da yawa suna tsallake wannan babi don suna ganin na ajin baya ne, amma a nan ne ake sabawa da f, wato yawan kaɗawa a sakan ɗaya, da T = 1/f, lokacin da zagaye ɗaya ke ɗauka, da ω = 2πf. Wanda waɗannan ukun ba su zauna masa ba, duk abin da zai biyo baya zai zama hadda ce kawai. Kwana na huɗu da na biyar na igiya mai tafiya ne, da dokar da ta fi kowacce fitowa, v = fλ, inda λ ke nufin tsawon igiya ɗaya, da kuma siffar y = A sin(kx − ωt). A kwana na shida sai a shiga abin da ke faruwa idan igiyoyi biyu suka haɗu, musamman igiya tsayayya a kan tsirkiyar da aka ɗaure a bakinta biyu.

A nan ne nake so a daɗe, domin tambaya ɗaya idan aka juya ta sosai ta fi ashirin da aka bi sama-sama. Ɗauki tsirkiya irin ta garaya ko gurmi, mai tsawon mita 0.5 da nauyin giram 2, an ɗaure ta da ƙarfin niyutin 90. Da farko a mayar da giram zuwa kilogiram: 0.002. A raba da tsawo, a sami nauyin kowace mita, μ = 0.004. Saurin igiya a kan tsirkiya shi ne v = √(F/μ), wato tushen 90 bisa 0.004, tushen 22,500 ke nan, wanda ya ba da mita 150 a sakan. Tun da bakin tsirkiyar biyu ba sa motsi, igiyar da ta fi tsawo da za ta iya zama a kanta rabinta ne kawai ke cika tsirkiyar, don haka λ ninkin tsawon tsirkiya ne, mita 1. Sautin farko ya zama 150 bisa 1, wato kaɗawa 150 a sakan, ko 150 Hz. Na biyu 300, na uku 450.

Yanzu a ce ɗalibi ya manta bai mayar da giram zuwa kilogiram ba. Zai sami μ = 4, sauri ya fito kimanin mita 4.7 a sakan, sauti kuma 4.7 Hz. Na'urar lissafi ba za ta ce masa komai ba. Amma kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya yi ƙasa da kimanin 20 Hz, ke nan ya lissafa garayar da ba wanda zai ji ta. Wannan ɗabi'a ta tsayawa a tambayi kai ko amsar ta yi kama da abin da zai yiwu, ita ce ke raba mai cin rabin maki da mai cin cikakke. Sai kuma a juya tambayar: idan ana so sautin ya ninka zuwa 300, yaya za a ƙara ɗauri? Da yawa za su ce a ninka shi. Ba haka ba ne, domin F yana ƙarƙashin tushe, sai an ninka shi sau huɗu, ya kai niyutin 360.

Kwana na bakwai na gwaji ne da hutawa. A yi tambayoyi gauraye daga duk abin da ya gabata na tsawon awa ɗaya, a duba, a rubuta kurakurai, a rufe littafi. Gaurayawar da gangan ce. Idan kana cikin babi, ka san dokar da za ka ɗauko tun kafin ka gama karanta tambaya, amma a zauren jarrabawa ba a rubuta sunan babi a saman tambaya. Wanda ranar Juma'a ko Lahadi ta fi yi masa cunkoso, sai ya matsar da wannan ranar sauƙi ta faɗa a kanta.

Mako na biyu ya buɗe da sauti, kuma kada a yar da tsirkiyar nan. Sautinta na 150 Hz ya shiga iska, inda sauri yake kimanin mita 340 a sakan. Tsawon igiyar a iska ya zama 340 bisa 150, kimanin mita 2.27, ba mita 1 ba kamar yadda yake a kan tsirkiya. Darasin da ke ciki yana fitowa a jarrabawa ta fuskoki da dama: idan igiya ta tashi daga wani abu ta shiga wani, saurinta da tsawonta suna sauyawa, amma f ba ya sauyawa, domin daga tushe yake zuwa. A wannan rana ta takwas a haɗa da bututu. Wanda yake buɗe a baki biyu yana bin lissafin tsirkiya, amma wanda aka toshe bakinsa ɗaya sautinsa na farko v/4L ne, kuma ninkin lambobin mara kawai yake bayarwa, wato na 1 da 3 da 5 da sauransu. Maimakon haddace wannan, ka zana bututun, ka sa inda iska ba ta motsi a bakin da aka toshe, lissafin zai fito da kansa.

Kwana na tara na tasirin Doppler ne, wanda masanin Ostiriya Christian Doppler ya bayyana a 1842. Matsalarsa ɗaya ce, inda za a sa alamar ƙari da inda za a sa ta ragi. Kunne zai raba gardama. Mota tana tahowa da gudun mita 20 a sakan, odarta tana ba da 500 Hz. Kowa ya san oda tana yin tsini idan mota na tahowa, ta yi kauri idan ta wuce. To dole amsar tahowa ta fi 500, sai an raba da ƙaramar lamba: 500 × 340/320, kimanin 531. Bayan ta wuce, 500 × 340/360, kimanin 472. Idan ka lissafa tahowa ka sami ƙasa da 500, ka juya alama ne.

Kwana na goma da na sha ɗaya na haske ne, musamman gwajin tsaga biyu na Thomas Young, inda tazarar layukan haske take λD/d. Lissafin gajere ne, haɗarin yana cikin ma'auni, domin tambaya ɗaya takan zo da nanomita da milimita da mita a lokaci guda. A mayar da komai mita kafin a taɓa na'ura. Haske mai tsawon nanomita 600, tsaga masu tazarar milimita 0.5, allo a nisan mita 1.5, amsar milimita 1.8 ce. Wanda ya sami mita 1.8 ya san akwai inda ya zame.

A kwana na sha biyu a yi cikakkiyar jarrabawar gwaji da takardar da ba a taɓa gani ba, a daidai lokacin da za a yi ta gaske, da agogo a gaba. Kwana na sha uku na gyaran abin da gwajin ya tona ne, tare da bin littafin kurakurai daga farko, ana sake warware kowace tambaya da aka taɓa faɗi. Idan rashin lafiya ko wata jarrabawar ta cinye maka kwana biyu a tsakiya, ka rage daga babin da ya fi ƙarancin fitowa a takardun baya, amma kada ka taɓa waɗannan kwanaki biyu. Haka kuma ya kamata a sani cewa wannan tsari na bita ne. Wanda bai halarci darasi ba duk zangon karatu, mako biyu ba za su ba shi komai da komai ba, gara ya riƙe igiya mai tafiya da igiya tsayayya da sauti da kyau.

A daren ƙarshe ba a buɗe sabon babi. Ka rubuta dokokin daga ka a takarda ɗaya, kana lura da haruffan da ke da ma'ana biyu: T yakan zama lokacin zagaye ko ƙarfin ɗauri, k kuma taurin sifirin ko 2π/λ. Sannan ka ɗauko na'urar lissafinka ka danna sin 30. Idan ta ba ka 0.5, tana kan digiri. Idan ta ba ka −0.988, tana kan radiyan, kuma a kan radiyan ake lissafa duk abin da ke ɗauke da ωt ko kx. Ka tabbata ka iya sauya ta daga wannan zuwa wancan ba tare da tambayar kowa ba, ka saka ta cikin jaka tare da katin jarrabawa, ka kwanta da wuri.