Rangwamen haraji iri biyu: wanne ya fi amfani?

A Amurka, 15 ga Afrilu ce ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji, kuma a cikin takardun akwai rangwame iri biyu da kan rikita mutane.

Na farko, ana cire shi ne daga kuɗin shiga kafin a lissafa haraji. A ɗauka wata malamar makaranta ce, kuɗin da za a ɗora mata haraji a kai dala 60,000 ne, kuma kashi 22 cikin ɗari ake karɓa daga ɓangaren sama na samunta. Idan aka yarda ta cire dala 1,000, za a yi lissafi a kan 59,000. Abin da ya koma aljihunta dala 220 ne kacal.

Na biyu kuwa, sai an gama lissafi ake zaftare shi daga harajin kansa. Ana binta dala 8,000, aka ba ta rangwamen 1,000, sai ta biya 7,000.

Nau'in farko ya fi yi wa mai hannu da shuni daɗi: wanda ke matakin kashi 37 zai tsira da dala 370, na matakin kashi 10 kuwa dala 100. Na biyun ba ya duba mataki.

Amma shi ma yana da tarko. Wanda ake bi dala 600, ya samu rangwamen 1,000, harajinsa zai koma sifili, ragowar 400 ɗin ta bi ruwa, sai fa idan irin wanda gwamnati ke mayar da rararsa ne, kamar tallafin ma'aikata masu ƙaramin albashi da aka soma a 1975.