Zanen Ragowa: Hoton da Ke Tona Asirin Miƙaƙƙen Layi

A shekarar 1973, wani masanin ƙididdiga ɗan asalin Birtaniya mai koyarwa a Jami'ar Yale da ke Amurka, Francis Anscombe, ya wallafa wasu rukunan alƙaluma guda huɗu da ya tsara da gangan. Kowane rukuni yana da ɗigo 11, kowane ɗigo kuma yana ɗauke da lamba biyu, x da y. Idan aka ba na'ura ta lissafa, duka huɗun amsa iri ɗaya suke bayarwa: matsakaicin x shi ne 9, matsakaicin y kuwa 7.5, miƙaƙƙen layin da ya fi dacewa da su shi ne y = 3 + 0.5x, kuma layin yana bayyana kusan kashi 67 cikin ɗari na hawa da saukar y. Wanda ya tsaya ga waɗannan lambobi zai rantse cewa rukunan huɗu 'yan uwa ɗaya ne. Amma da zarar an zana su a takarda, sai a ga layin rukuni ɗaya kacal ya dace da shi.

Abin da masana ke dubawa don gane haka shi ne zanen ragowa, kuma bai da wuyar fahimta. Duk layin da aka ja a tsakiyar ɗigo, hasashe yake yi. A layin Anscombe, idan x ya kasance 10, sai a ce rabin 10 a haɗa da 3, hasashe ya zama 8. Idan abin da aka auna a zahiri 9.14 ne, to layin ya gaza da 1.14. Wannan tazara tsakanin abin da aka gani da abin da layi ya faɗa ita ce ragowa. Ɗigon da ke saman layi ragowarsa ta haura sifili, wanda ke ƙasa kuwa tasa ta gaza sifili. Sai a ja layi a kwance a kira shi sifili, a jera kowace ragowa a samansa ko a ƙarƙashinsa, daidai inda x ɗinta yake. Ta haka gangaren layin ya fita daga hoton, kurakuransa kaɗai suka rage a fili.

Idan layin ya dace, hoton ba ya nuna wata siffa. A rukuni na farko, daga x = 4 zuwa sama, ragowar takan faɗi ƙasa da 0.74, ta hau sama da 0.18, ta ƙara hawa da 1.24, ta faɗo ƙasa da 1.68, haka dai ba tsari. Ba wanda zai kalli ɗigo ɗaya ya iya faɗin inda na gaba zai sauka. Wannan watsuwa ita ake nema, domin tana nuna layin ya kwashe duk wani tsari da ke cikin alƙaluman, abin da ya saura hargitsi ne na yau da kullum.

Rukuni na biyu ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. A nan ragowar tana farawa daga 1.90 ƙasa da sifili a x = 4, ta taso zuwa 0.76 ƙasa da sifili a 5, ta tsallake sifili a 6, ta ci gaba da hawa har ta kai ƙololuwa ta 1.27 a x = 9. Daga nan sai ta sauko ta hanyar da ta hau, taki bayan taki, har ta koma 1.90 ƙasa da sifili a x = 14. Hoton ya fito kamar ƙwarya a kife. Ma'anarsa ita ce layin yana cika baki a gefe biyu, yana kuma rage wa tsakiya haƙƙinta, domin dangantakar da ke tsakanin x da y lanƙwasa gare ta, an kuma tilasta mata miƙewa.

Wannan siffa ba baƙuwa ba ce ga masu binciken noma. Amfanin gona yakan ƙaru idan an ƙara taki, amma ƙaruwar tana raguwa sannu a hankali, kuma idan takin ya wuce kima amfanin na iya ja baya. A ɗauka x ɗin Anscombe yawan taki ne, y kuma abin da aka girbe. Alƙaluman sun kai ƙarshen hawansu a x = 11, inda y ya zama 9.26, sannan suka sauko zuwa 8.10 a x = 14. Shi kuwa layin cewa yake a 14 za a sami 10, kuma a ci gaba da zubawa, amfani zai ci gaba da hawa. Malamin gona da ya dogara da wannan layi zai sa manomi kashe kuɗi a kan takin da zai rage masa girbi. Gyaran ba mai nisa ba ne: a ƙara x² cikin lissafin domin layin ya sami damar lanƙwasawa. Idan aka yi haka da rukuni na biyu, ragowar kusan ɓacewa take yi baki ɗaya.

Akwai abin da ke yaudarar ɗalibai a nan. Wasu kan tara ragowar duka, su ga ta ba da sifili, su ce ai layi ya yi daidai. Hanyar da ake bi a fitar da layin ce ke tilasta hakan, komai munin dacewarsa. A rukuni na biyu ma jimlar sifili ce. Siffar ake karantawa.

Rukuni na uku matsalarsa ɗigo ɗaya ce. Goma sun jeru a kan layi ɗaya tsaf, sai guda a x = 13 da ya yi tsalle zuwa 12.74, ragowarsa 3.24. Shi kaɗai ya janyo layin sama, har ragowar sauran ta jeru a karkace. Mai bincike na gari ba ya gaggawar goge irin wannan ɗigo, sai ya koma kundin da aka rubuta awon ya ga ko kuskuren alƙalami ne ko wani abu ne na gaske ya faru. Wata siffar da ake yawan gani, ko da yake ba ta cikin misalan Anscombe, ita ce ta mazurari, inda ragowar ke matse a gefe ɗaya tana buɗewa a ɗayan. Ana samunta wajen kwatanta kuɗin shigar gidaje da abin da suke kashewa, domin masu hali sun fi bambanta da juna. A nan layin na iya bin hanya daidai, amma tabbacin hasashensa ba ɗaya ba ne a ko'ina.

Zanen ragowa ma yana da iyakarsa, rukuni na huɗu ne shaida. Ɗigo goma suna tsaye a x = 8, guda ɗaya yana can nesa a x = 19. Wannan guda shi ya yanke gangaren layin, don haka layin ya bi ta kansa, ragowarsa ta zama sifili. Ɗigon da ya fi kowa ɓarna shi ya fi kowa kama da mai gaskiya a hoton. Saboda haka ake duba zanen alƙaluman na asali tare da na ragowa.

Fitar da hoton ba ya cin lokaci. A manhajar Excel, cikin Data Analysis, sashen Regression yana da akwatin Residual Plots da za a danna. Manhajar R kuwa, wadda kyauta ce, tana zuwa da alƙaluman Anscombe a cikinta:

```
m <- lm(y2 ~ x2, data = anscombe)
plot(anscombe$x2, resid(m))
abline(h = 0)
```

Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, da jami'in da ke karɓar rahoto mai ɗauke da miƙaƙƙen layi, ya kamata su nemi wannan hoto kafin su sa hannu. Idan an kawo kashi cikin ɗari ba tare da zanen ragowa ba, a mayar da rahoton a ce a haɗo shi.