Kafin a Biya Kuɗin Sola, a Fara Duba Batir

Magidanci a Kano ya karɓi takardun farashi biyu daga masu haɗa sola. Kowace an rubuta mata 5kVA a sama, amma tazarar kuɗinsu kamar ba gida ɗaya za a yi wa aikin ba. Wannan lamba ƙarfin inbata kawai take nunawa, ba ta faɗin ko wuta za ta kai asuba.

Yawanci batir ne ke cin kaso mafi tsoka, sai faranti da inbata, sannan wayoyi, ƙarafan ɗaura faranti, na'urorin kariya da kuɗin aiki. Kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, shi ya sa farashinsu ke bin dala. Takardar da ba ta faɗi ranar da farashinta zai daina aiki ba, da sauran magana a kanta.

A fara da lissafin dare. Fanka uku masu wat 70 na awa 10 za su sha yunit 2.1, irin yunit ɗin mitar kati. A ƙara firji, talabijin da ƙwayayen fitila, abin ya doshi yunit 4.

Takarda ta farko ta kawo batiran ruwa huɗu, kowane 12V 200Ah. A rubuce suna riƙe yunit 9.6, amma irin wannan batir ba a son a riƙa zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 4.8 ke nan. Ta biyu ta kawo batirin litiyam guda, 51.2V 100Ah, wato yunit 5.1, wanda ake iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, kusan 4.1 zuwa 4.6. Duka biyun za su raka gidan zuwa safiya. Sai dai na ruwa yana buƙatar ƙarin ruwan batir a kai a kai, zafin Afrilu yana rage masa kwana, kuma za a iya sauya shi sau biyu ko fiye kafin na litiyam mai kyau ya gaji. Adalcin kwatance shi ne a raba kuɗin kowane batir da yunit ɗin da ake mora, sannan a dubi shekarun garanti.

Idan batir ɗaya ne amma farashi ya faɗi warwas, to an rage wani abu a ɓoye. Wani kan sa na'urar caji ta PWM a madadin MPPT, wadda ta fi tatso wuta daga faranti. Wani kan kawo siririyar waya, ko ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, mai ɗaukar zafi. Wani ma ya tsallake na'urar kare tsawa da sandar ƙasa gaba ɗaya, kuma wannan ganganci ne a gidan da yara ke kwana.

Don haka maigida ya nemi kowane mai haɗawa ya rubuta sunan kamfani da lambar samfurin kowane kaya, wat ɗin faranti, kaurin waya, da wanda zai ɗauki nauyi idan inbata ta ƙone cikin wa'adin garanti: shi, ko dilan da ya sayar masa.