Fil tara da gurbi ɗaya: yadda ake haɗa wayoyin gaban kwamfuta

A ƙarshen hunturun bara wani ƙanena ya kira ni, muryarsa na rawa, wai kwamfutar shagonsa ta mutu. Ita ce wadda yake yi wa ɗalibai rajista da buga takardu, ke nan ranar babu ciniki. Abin da ya faru shi ne ya ga ƙura ta yi mata yawa, ya kwance ta, ya ciro babban allon da ake kira madabod, ya kakkaɓe, ya mayar da komai. Da ya danna maɓallin kunnawa sai shiru, ko fanka ba ta motsa ba. Kafin in iso har wani maƙwabcinsa ya yanke hukunci cewa allon ya ƙone, a nemi sabo.

Ba abin da ya ƙone. Wata siririyar waya ce ta goce daga mazauninta da tazarar da ba ta kai milimita uku ba.

Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar tebur ya ga wayoyin nan. Daga gaban akwatin suke fitowa, sirara, kowace da ɗan baƙin kai na roba mai rubutu a jiki: POWER SW, RESET SW, HDD LED, sai wasu biyu da galibi suke zuwa a rarrabe, POWER LED+ da POWER LED-. Ta farko ita ce ta maɓallin kunnawa, ta biyu ta maɓallin sake tayar da kwamfuta idan ta ƙage. HDD LED ta fitilar nan ce mai ƙyaftawa idan ana karatu ko rubutu a ma'ajiyar bayanai, biyun ƙarshe kuwa na fitilar da ke nuna kwamfuta a kunne take. Yawancin sauran wayoyin da ke cikin akwatin an ƙera kawunansu yadda ba za su shiga ba sai a gurbinsu, kuma ta fuska ɗaya. Waɗannan kuwa suna shiga duk inda aka tura su. Shi ya sa su ne suke ba sabon mai haɗi wahala, har ma da tsohon hannu idan ɗaki ya yi duhu.

Mazauninsu yana ƙasan allon ne ta hannun dama a mafi yawan lokuta. Kamfanoni sun bambanta wajen sunan da suke bugawa a gefensa: Gigabyte na rubuta F_PANEL, MSI na rubuta JFP1, ASRock kuma PANEL1. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda Intel ya shimfiɗa, layi biyu na fil, wuri goma, amma fil tara ne a tsaye. Wuri na goma an bar shi fayau da gangan. Wannan gurbin shi ne alƙiblar mai aiki, kuma daga gare shi ake fara lissafi.

Ka daidaita kallonka yadda gurbin zai kasance a layin sama, can ƙarshen dama. A layin saman nan fil huɗu ne. Biyun da ke maƙwabtaka da gurbin su ne na POWER SW. Biyun da ke hagu na fitilar kunnawa ne, mai alamar + a can ƙarshen hagu, mai alamar - na biye da shi. A layin ƙasa fil biyar ne. Biyun farko daga hagu na HDD LED ne, nan ma + a hagu. Biyun da ke binsu na RESET SW ne, daidai ƙarƙashin na kunnawa. Na biyar, wanda ke ƙarƙashin gurbin, ba a saka masa komai. Wato dai fitilu a hagu, maɓallai a dama, kuma kowane kai a kwance yake zama a kan layinsa, ba ya haye daga layin sama zuwa na ƙasa.

Da na haska tocilar waya a cikin akwatin ƙanen nawa, sai ga kan POWER SW a layin da ya dace, amma ya matsa dama da wuri ɗaya. Rami ɗaya ya hau fil na ƙarshe, ɗayan ramin yana rataye a kan gurbin da babu komai. Daga sama in ka duba sai ka rantse ya zauna daidai. Fil ɗin da ke jiran saƙon kunnawa kuwa yana nan tsirara a gefe, ba wanda ya taɓa shi.

A nan ya kamata a fahimci aikin maɓallin, don shi ne ke warware rabin ruɗanin. Maɓallin gaban kwamfuta ba irin makunnin fitilar ɗaki ba ne da ke yanke wuta ko ya sake ta. Tun da tsarin ATX ya fito a 1995, wutar soket ba ta bi ta cikinsa. Muddin kwamfuta na jone, akwai 'yar wuta ta bolt 5 da ke zaune a allon tana jira, ko da a kashe take. Idan ka danna maɓallin, fil biyun nan kawai yake haɗawa na ɗan lokaci, allon ya ji, shi kuma ya umarci akwatin wuta ya saki sauran wutar. Kamar ƙwanƙwasa ƙofa ne, na ciki ne ke buɗewa.

Tunda haɗa fil biyu ne kaɗai aikinsa, maɓalli ba shi da gaba ko baya. POWER SW da RESET SW duk yadda ka juya kansu za su yi aiki, ko da kuwa ka ga an buga + da - a gefensu. Fitila ce mai ra'ayi. Irin waɗannan ƙananan fitilu ta hanya ɗaya wuta ke bi ta cikinsu, idan aka juya ba za su kama ba. Amma juyawar ba ta ƙona su, ba ta kuma taɓa allon. Ina jaddada wannan saboda na ga mutane da yawa sun ƙi taɓa wayoyin don tsoron kada su yi ɓarna. Fitila ta ƙi kamawa? Kashe, cire kan, juya shi, mayar. Don gane ɓangaren +, duba bayan kan robar, akwai ɗan ƙaramin tambari mai kusurwa uku a kan ɗaya daga cikin ramukan, shi ne. A tsofaffin akwatuna kuma waya mai launi ita ce +, fara ko baƙa ita ce -.

Kafin in gyara komai a ranar, na so in tabbatar wa ƙanen nawa da maƙwabcinsa cewa allon na da rai. Na zare kan POWER SW gaba ɗaya, na jona kwamfutar, na ɗauki sukundireba mai faɗin baki na taɓa fil biyun nan na kusa da gurbin a tare, ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Nan take fankoki suka tashi. Wannan gwajin masu gyara sun san shi, kuma yana raba gardama: idan kwamfuta ta tashi da sukundireba amma ta ƙi tashi da maɓalli, laifin na waya ne ko na maɓallin. Idan ta ƙi tashi ko da sukundireba, to a bar wayoyin gaba, a koma kan akwatin wuta, da makunninsa na baya, da babbar waya mai fil 24. Sharaɗin gwajin ɗaya ne, hannu ya tsaya cak, bakin ƙarfen ya taɓa fil biyun nan kawai, kada ya zame ya goga wani wuri.

Ban da wannan gwaji, duk sauran aikin a yi shi ne bayan an zare waya daga soket. Kashe kwamfuta kaɗai bai isa ba, saboda waccan wutar da ke jira. Bayan zarewa a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta tsiyaye, sannan a taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa allon. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa har riga na ƙara idan an cire ta, wannan taɓawar ba wasa ba ce.

Kowane kuskure yana da alamarsa. Idan aka musanya POWER SW da RESET SW, maɓallin kunnawa zai yi shiru, amma ɗan maɓallin sake tayarwa ne zai kunna kwamfutar. Wannan ma dabara ce ta fita kunya: idan maɓallin kunnawa ya lalace, sai a ɗora RESET SW a mazauninsa a ci gaba da aiki, tunda maɓallan biyu iri ɗaya ne a ciki. Idan kuma kwamfuta na tashi ta mutu bayan kamar daƙiƙa huɗu, a zargi maɓallin da ya maƙale a ciki saboda datti, domin allon yana ɗaukar hakan tamkar an danne shi ne don kashewar dole. A cire kan a gwada da sukundireba. Akwai kuma abin da ake ɗora wa wayoyin nan alhali ba ruwansu: kwamfuta ta riƙa kunna kanta duk lokacin da aka dawo da wuta. Wannan saiti ne a cikin BIOS, mai suna irin Restore on AC Power Loss, can ake canza shi.

Tsarin fil taran nan ba kowane allo ne ke binsa ba, kuma wannan ya shafe mu sosai, don yawancin kwamfutocin tebur da ke shagunanmu da ofisoshinmu na hannu ne, irin su Dell da HP da Lenovo. Waɗannan kamfanoni sukan yi nasu tsarin, wani lokaci da dunƙulallen kai guda ɗaya da ba ya shiga wani allo sai nasu. Mai son ɗora irin wannan allo a sabon akwati, ko ya sa sabon allo a akwatinsu, kada ya yi aiki da ka. Haka wasu allunan Gigabyte da ASUS suna da doguwar mazauna wadda ta haɗa har da wurin ƙaramar lasifika mai ƙarar gargaɗi. A kan irin waɗannan, rubutun da ke jikin allon shi ne hukunci, sai kuma zanen da ke littafin bayaninsa, wanda ake samu a shafin kamfanin da lambar allon. A kuma kula, mazaunin USB da na sauti su ma fil tara ne da gurbi ɗaya, kuma a jere suke a gefen ƙasan allon. A karanta sunan kafin a tura waya.

Ƙanen nawa da kansa ya mayar da kan. Na riƙe masa tocila, ya fara da layin ƙasa saboda yatsa ya fi samun wuri, sannan na sama, yana juya rubutun kowane kai yadda + zai faɗo hagu. Kafin ya rufe murfi muka jona muka gwada maɓallan biyu, muka ga fitila ɗaya ta tsaya ɗaya na ƙyaftawa. Duka aikin bai kai minti goma ba.

Mai karatu, ranar da za ka kwance taka, ka ɗauki hoton wayoyin nan da wayarka tun kafin ka cire ko ɗaya.