Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Saƙo Ga Direbobina



Mota jaki ce, ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo. Jaki ya kan tirje ko ya ɗingisa, ita kuwa sai ta kunna 'yar fitila a gaban sitiyari. Mai ruwan ɗorawa gyaran murya ce, ana iya lallaɓawa da ita zuwa wurin bakanike. Ja kuwa ihu ce, ba a cewa bari in kai tasha.

Wadda na fi jin tsoro ita ce mai kama da buta tana ɗigo, fitilar baƙin mai. Da yawanku kun ɗauka cewa take yi mai ya ragu. Abin da take nufi shi ne mai ba ya hawa cikin inji da ƙarfin da ya kamata. Kun san rijiya na iya cika maƙil, gida ya kwana da ƙishi don igiyar guga ta tsinke. To, famfon mai shi ne gugan.

A ce ka taso daga Kano za ka Zariya, fitilar mai ta kama a Kwanar Ɗangora. Gangara gefen titi, ka kashe inji nan take. Bari kamar minti 10 mai ya kwanta, ka zaro sandar awo, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. In ya yi ƙasa, leƙa ƙarƙashin mota ko yana zuba, sannan ka ƙara. In kuwa yana nan cif amma fitila ta ƙi mutuwa, kada ka sake murɗa makulli. Tukunyar da aka ɗora a wuta ba ruwa, kafin a yi alwala ta ƙone, haka inji yake bugawa.

Fitilar zafin inji tukunyar wake ce tana tafasa. Wanda ya buɗe murfin lagireto a lokacin, fuskarsa ce za ta sha tururi. Jira kamar rabin awa tukuna.

Ta batir kuma tana cewa ana ɗiba daga rumbu ba a zubawa. Duba fambel, don in ya tsinke, a motoci da yawa famfon ruwa ma ya tsaya.

Sannan ka kira ni. Kada ka ce mini "Alhaji, wata wuta ta kama," ai ko likita ba ya ba da magani a kan "jikina ne ba daɗi." Faɗa mini wace fitila ce, wane launi, tsaye take ko ƙyaftawa take yi, a ina kake, kan hawa ne ko da lodi, ka ji ƙara ko ƙauri. Ɗauki hotonta da na lambar kilomita, ka turo.

Wanda ya tsaya saboda jar fitila, balas ɗin ranar na yafe. Wanda na samu ya liƙe ta da baƙin salatif, ya toshe bakin jaririn da ke kuka, shi da kuɗin inji.

Allah ya tsare hanya.