Idan Aiki Ya Tsaya: Me Za a Rubuta, Me Za a Faɗa?

Ranar 3 ga Yuni, 2024, Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin bankin Heritage, ya miƙa shi ga hukumar NDIC, ma'aikatansa suka wayi gari ba su da wurin zuwa. Kafin su, dubban ma'aikatan masaƙun Kaduna sun ga irin wannan rana, daga rufe Kaduna Textiles a 2002 zuwa tsayawar UNTL a 2007. Duk wanda haka ta same shi, tambaya guda ce ke jiran sa a gaban mai ɗaukar ma'aikata: me ya raba ka da wurin aikinka na baya? Ra'ayina shi ne, gajeriyar gaskiya ta fi doguwar dabara amfani, amma yadda ake faɗarta ya danganta da irin rabuwar da aka yi.

Rabuwar kashi uku ce. Akwai rufewar kamfani, akwai ragin ma'aikata, akwai kora saboda laifi ko gazawa. Biyun farko ba su da alaƙa da halin mutum. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya bayyana ragi a matsayin rasa aiki saboda ma'aikata sun fi ƙarfin buƙata, kuma ya ce a fara da wanda ya shigo daga baya, tare da duba ƙwarewa da cancanta. Don haka wanda aka rage ba shi da abin ɓoyewa, kuma takardar sallamarsa ita ce shaidarsa.

A ce wata mai karɓar kuɗi ce a reshen wancan banki a Kano, ta fara aiki a watan Maris na 2019. A takardar tarihin aikinta, sai ta rubuta muƙaminta, da Maris 2019 zuwa Yuni 2024, ta ƙara kalmomi kaɗan cewa an rufe bankin, sannan ta cika sauran wurin da ayyukan da ta riƙe. Idan an tambaye ta a intabiyu, jimla huɗu sun ishe ta: an soke lasisin bankin, abin ya shafi kowa da kowa, tun daga nan tana riƙe wa wani ɗan kasuwa littafin lissafi, tsohon manajanta kuma a shirye yake ya ba da shaida a kanta. Daga nan sai ta tsaya. Ya kamata ta riga ta nemi lambar manajan da izininsa, domin kamfanin da ya rufe ba shi da ofishin da zai amsa wasiƙar tantancewa.

Wani zai ce, ai gara a ja kwanan watan gaba, ko a rubuta cewa har yanzu ana aiki, don a toshe giɓin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayanin asusun fansho yana nuna watan da tsohon kamfani ya daina zuba kuɗi, sabon wurin kuma kan nemi takardar sallama ko ta albashin ƙarshe. Giɓin wata shida abu ne da ake yi wa bayani a wuce, amma kwanan watan ƙarya, in ya bayyana bayan an ɗauki mutum, dalili ne na sabuwar kora.

Kora ce ta fi wuya, kuma a nan masu suka ke da hujja: wanda ya amsa cewa an kore shi yana iya rasa aikin. Haka ne, shi ya sa ba a rubuta dalilin kora a takardar tarihin aiki. Kwanan wata na gaskiya ya wadatar. Amma idan fom ya tambaya, ko an tambaya baki da baki, musu ya fi amsawa haɗari, musamman a aikin banki, inda ake kai wa Babban Banki sunayen waɗanda aka kora saboda almundahana. Abin yi shi ne a faɗi abin da takardar korar ta ƙunsa, ba ƙari ba ragi, a ɗauki nauyin kuskuren, a nuna gyaran da aka yi. Wanda aka sallama don ya gaza kawo yawan kwastomomin da aka ɗora masa, ya faɗi hakan, ya ambaci adadin da ya kawo. Idan maganar tana gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ce tana kotu, ya tsaya nan. Zagin tsohon maigida kuwa ba ya wanke kowa, domin mai sauraro kansa yake hangowa a gurbin wanda ake zagi.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka aika takardarka ko'ina, ɗauko takardar sallamarka da bayanin fanshonka, ka tabbata kwanakin sun yi daidai da abin da ka rubuta. Sannan ka maimaita amsarka da baki har ta zauna, kada ta wuce rabin minti.